Daga hoton alat zuwa takardar koke: Yadda ake ƙwato kuɗin da banki ya cire ba bisa ƙa'ida ba

Duk ƙarshen wata, shafukan sada zumunta a Najeriya kan cika da hotunan alat na banki, an zagaye wasu adadi da jan layi: naira 50 a nan, naira 53.75 a can, naira 26.88 a gaba. A ƙarƙashinsu sai a ga tsinuwa da Allah-ya-isa. Bayan kwana biyu ƙurar ta lafa, kuɗin kuma ba su dawo ba, domin banki ba ya mayar da kuɗi saboda fushin mai asusu. Yana mayarwa ne idan aka gabatar masa da lissafi a rubuce: rana kaza an cire adadi kaza, ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, CBN, ta ce kaza, ga bambancin da ake bin sa.

Hayaniyar jama'a takan yi tasiri idan abin ya shafi dubban mutane a lokaci guda. A watan Yunin 2020 bankin Access ya amince ya mayar wa abokan hulɗarsa kuɗin harajin hatimi na watanni uku da ya tara ya cire musu a dunƙule, bayan ƙorafi ya yi yawa. A watan Mayun 2024 ma an dakatar da harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin ɗari bayan jama'a sun yi ca a kansa. Amma idan kuskuren a asusun mutum ɗaya ya faru, babu gangamin da zai taso dominsa. Abin da ya rage masa shi ne takardar koke, kuma ingancinta ya dogara ne kan aikin da aka yi kafin a rubuta ta.

Abin da hoton alat ke iya nunawa

Saƙon alat yakan ƙunshi abubuwa biyar: wani ɓangare na lambar asusu, adadin kuɗin da ya shiga ko ya fita, taƙaitaccen bayani, rana da lokaci, sai ragowar kuɗin da ke cikin asusun. Mafi amfani a cikinsu shi ne na ƙarshe, domin da shi ake gano cirewar da ba a aiko da saƙonta ba.

Hanyar mai sauƙi ce. Mutum ya jera hotunan bisa tsarin rana da lokaci, ya ɗauki ragowar da ke saƙo na farko, ya ƙara ko ya rage adadin da ke saƙo na biyu, sannan ya duba ko amsar ta yi daidai da ragowar da saƙo na biyun ya nuna. Misali, saƙon ranar Talata ya nuna ragowar naira 84,300. Ranar Laraba aka turo wa mai asusun naira 15,000, amma ragowar ta zama 99,250 maimakon 99,300. Wannan giɓin na naira 50 cirewa ce da ta wuce shiru. Duk inda aka sami irin wannan giɓi, sai a rubuta ranar da adadin a takarda.

Sai dai hoton alat yana da iyaka, kuma banki ya san iyakar. Ana iya sauya hoto a waya cikin minti guda, alat na bogi kuma ya zama ruwan dare a kasuwanni, don haka ma'aikacin banki ba zai ɗauke shi hujjar ƙarshe ba. Saƙon yakan yanke bayanin cirewar saboda ƙarancin wuri. Wani lokaci ragowar da yake nunawa ita ce kuɗin da ake iya cirewa a lokacin, ba duka abin da ke asusun ba, domin ana iya riƙe wani adadi na ɗan lokaci saboda cinikin da bai kammala ba. Haka kuma banki kan mayar da kuɗi ba tare da saƙon ya iso ba, ko ya tara ƙananan caji na mako ko wata ya cire su a dunƙule.

Saboda haka aikin hoton shi ne ya nuna inda za a duba. Hujjar da banki ba ya iya musantawa ita ce takardar bayanin asusu da shi da kansa ya fitar, wadda aka fi sani da sitatimen. Ana saukar da ita daga manhajar banki, ko a karɓe ta ta imel. Ta wata-wata kyauta ce bisa ƙa'idar CBN, idan kuma mutum ya nemi a buga masa ta musamman a reshe, jadawalin caji na 2020 ya ƙayyade kada kuɗin ya wuce naira 20 a kowane shafi. A cikinta kowace cirewa tana da layinta da cikakken bayani da lambar shaida.

Ma'aunin da ake gwada kowace cirewa da shi

Bankuna ba su da ikon ƙirƙirar caji yadda suka ga dama. CBN na fitar da jadawalin kuɗaɗen da aka yarda su karɓa, kuma wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 shi ne tushen yawancin adadin da ake gani a alat tun daga lokacin. Ana yi masa gyare-gyare, don haka ana auna cirewa ne da ƙa'idar da ke aiki a ranar da aka yi ta, ba ta ranar da ake rubuta koke ba. Misalin da ke tafe ya faɗo tsakanin Afrilu da Yunin 2025, kuma ga abin da ke aiki a lokacin.

Kuɗin tura kuɗi zuwa wani banki hawa uku ne: naira 10 idan adadin bai kai 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 idan ya haura. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan cajin, ba a kan kuɗin da aka tura ba. Wannan ne ya sa ake ganin 10.75 da 26.88 da 53.75.

Kuɗin kula da katin cirar kuɗi na naira shi ne naira 50 sau ɗaya a kowane wata uku, kuma a asusun tanadi kaɗai, wato sebin. Da VAT ya zama 53.75. A ɗaya ɓangaren, kuɗin kula da asusu, wanda bai wuce naira ɗaya a kan kowace dubu da mai asusu ya fitar ba, na asusun karent ne kawai. Ke nan kowane nau'in asusu yana da nasa, kuma wanda ya ga an cire masa duka biyun a asusu ɗaya yana da dalilin yin tambaya.

Kuɗin saƙon alat ya kasance naira 4 a kowane saƙo, har zuwa 1 ga Mayun 2025 lokacin da bankuna suka mayar da shi naira 6, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon shekarar. Sanarwar da ake turowa ta imel kyauta ce.

Sai naira 50 da ke fitowa da sunan `EMTL`. Wannan ba kuɗin banki ba ne, harajin gwamnati ne da dokar kuɗi ta 2020 ta kafa a kan duk naira 10,000 ko fiye da suka shiga asusu ta hanyar lantarki, banki yana karɓa ne ya miƙa. A 2025 wanda aka turo wa kuɗin ne ke biya, kuma ba a cire shi idan mutum ya tura tsakanin asusunsa biyu a banki ɗaya. Daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da shi harajin hatimi a kan mai turawa.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ƙaddara wata matashiya da ta kammala jami'a a Kano, tana sayar da turaren wuta da atamfa ta intanet, masu saye suna turo mata kuɗi a asusunta na tanadi. A ƙarshen Yunin 2025 ta jera hotunan alat na wata uku, ta bi giɓin da ke tsakaninsu, ta ga naira 2,924.85 sun fita ba tare da ta sayi komai da su ba. Tunaninta na farko shi ne ta nemi a mayar mata da duka. Da ta yi haka, da banki ya amsa mata da layi biyu cewa cajin na bisa ƙa'ida ne, kuma da amsar ta zama gaskiya a kan mafi yawansu.

Maimakon haka sai ta saukar da sitatimen, ta rarraba cirewar gida-gida. Ta tura kuɗi sau 20 zuwa wasu bankuna, kowanne tsakanin 5,000 da 50,000, an cire mata 26.88 sau ashirin, jimilla 537.60. Wannan daidai yake, sai ta ajiye shi gefe.

A layukan `EMTL` ta ƙirga cirewa 17, wato naira 850. Da ta bi kuɗaɗen da suka shigo ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga 14 ne suka cancanci harajin. Biyu daga cikin sauran sun kasance naira 8,000 da 9,500, ba su kai 10,000 ba. Na ukun kuma ita ce ta turo daga ɗaya asusunta da ke bankin. Rarar ta zama naira 150.

Kuɗin kula da kati ya fito sau uku, a Afrilu da Mayu da Yuni, 53.75 kowanne. Sau ɗaya ya kamata a cikin waɗannan watanni, don haka rarar ita ce 107.50.

A cajin saƙonni, na Afrilu naira 160 ne, wato saƙo 40 a kan naira 4, ya kuma yi daidai da abin da ke wayarta. Na Mayu naira 270, saƙo 45 a kan naira 6, shi ma ya yi daidai. Na Yuni kuwa naira 516 ne, kuɗin saƙo 86 ke nan, alhali sitatimen ɗin ya nuna hada-hada 43 kacal, saƙonnin da ke wayarta ma 43 ne. Alamu sun nuna an ninka cajin, rarar ta kama naira 258. A nan ne hotunan alat suka fi yin amfani, domin su ne shaidar yawan saƙonnin da suka iso.

Na ƙarshe, a watan Mayu akwai layin da ke nuna kuɗin kula da asusu na naira 400 da VAT ɗinsa na naira 30, lissafin naira ɗaya a kan kowace dubu daga 400,000 da ta fitar a watan. Tunda asusunta na tanadi ne, bai kamata a cire shi ba sam. Kafin ta sa shi a lissafi ta tabbatar da nau'in asusun a saman sitatimen, domin wasu kan buɗe asusun albashi ko na kasuwanci ba su lura cewa karent ba ne.

Da ta haɗa 150 da 107.50 da 258 da 430, abin da take bi ya tsaya a naira 945.50. Sauran 1,979.35 halastattun caji ne, ko da suna da ciwo. Kusan kashi biyu bisa uku na abin da ya fusata ta ya faɗi a tankaɗe, amma abin da ya rage banki ba shi da hanyar kauce masa.

Abin da takardar ta ƙunsa

Shafi ɗaya ya wadatar. Ana rubuta ta zuwa ga manajan reshe ko sashen sauraren koke na bankin, da kwanan wata, da cikakken suna kamar yadda yake a asusu, da lambar asusu da nau'insa, da lambar waya da imel. Galibi da Turanci ake gabatar da irin wannan takarda, amma tsarinta ɗaya ne a kowane harshe. Gundarin ta matashiyar zai kasance kamar haka:

"Ina da asusun tanadi a reshenku. Bayan na gwada saƙonnin alat da sitatimen na 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Yunin 2025, na ga cirewa iri huɗu da suka saɓa wa ƙa'ida. Na ɗaya, harajin naira 50 sau uku a kan kuɗin da bai kai 10,000 ba da kuma turawa tsakanin asusuna biyu, naira 150. Na biyu, kuɗin kula da kati sau uku a wata uku maimakon sau ɗaya, rarar naira 107.50. Na uku, cajin saƙo 86 a watan Yuni alhali 43 aka turo, rarar naira 258. Na huɗu, kuɗin kula da asusu a kan asusun tanadi, naira 430. Ina neman a mayar mini da naira 945.50, a ba ni bayanin kowace cirewa a rubuce, a kuma gyara tsarin asusun don kada hakan ta sake faruwa. Ina buƙatar lambar bibiyar wannan koke."

A gaban kowace cirewa ana sa ranarta da lambar shaidarta kamar yadda suke a sitatimen. Ana haɗa kwafin sitatimen ɗin da aka ja layi a ƙarƙashin wuraren da ake magana, sannan hotunan alat, kowanne da lamba, don a iya cewa "duba hoto na 7". Hotunan su kasance cikakku, da sunan mai aiko saƙon da rana da lokaci, ba waɗanda aka yanke ko aka yi wa zane ba.

Neman gyaran tsarin asusu yana da muhimmanci, domin irin waɗannan kurakurai kan samo asali ne daga yadda aka shigar da asusun a na'ura. Idan aka mayar da kuɗin aka bar tushen, wata mai zuwa za a sake cirewa. Ƙa'idojin kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da CBN ya fitar a Disambar 2019 sun tanadi a mayar da rarar caji tare da kuɗin ruwa. Wanda ke so zai iya ambatar hakan, wanda kuma ba ya karɓar ruwa saboda addini zai iya rubuta cewa uwar kuɗinsa kawai yake nema.

Akwai abubuwan da ba sa shiga takardar ko kaɗan: lambar sirri ta kati, cikakkiyar lambar katin, kalmar sirri ta manhaja, da lambar wucin gadi da ake turowa ta waya. Babu ma'aikacin gaskiya da ke buƙatarsu don duba caji. Wannan ne ma haɗarin wallafa hotunan alat a fili, domin 'yan damfara kan buɗe shafuka da sunan banki da tambarinsa, su bi masu ƙorafi da tayin taimako, daga nan su nemi waɗannan lambobi. Zagi da barazana su ma ba sa ƙara wa koke nauyi.

Wa'adi da mataki na gaba

Ƙa'idar CBN ita ce a fara kai koke ga bankin da ake hulɗa da shi. Wanda ya kai takarda reshe ya tafi da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ya dawo da ita. Wanda ya tura ta imel ya adana amsar da ke ɗauke da lambar bibiya. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan, mutum ba shi da shaidar cewa ya taɓa kai koke, kuma magana da baki a gaban kanta ba ta barin sawu.

Banki na da mako biyu ya warware yawancin koke-koke, amma a kan rarar caji wa'adin kwana 30 ne. Idan ya wuce ba a amsa ba, ko aka ba da amsar da ba ta gamsar ba, sai a ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta adireshin `cpd@cbn.gov.ng`, ko ta takarda zuwa hedikwatarsa a Abuja ko reshensa da ke jiha. Ana haɗa takardar farko mai hatimi, da lambar bibiya, da amsar bankin idan akwai, da duk hujjojin. Koken da bai nuna an fara bi ta banki ba akan mayar da shi can. Akwai kuma iyakar lokaci, domin tun 2015 CBN ya ƙayyade shekara shida daga ranar hada-hadar don shigar da koke.

Amsar banki takan zo ta fuska uku. Ko ya mayar da kuɗin, sai a duba sitatimen a tabbatar adadin ya cika. Ko ya kawo bayanin da ya warware wani ɓangare, misali ya nuna cewa saƙonni 86 sun haɗa da na lambar wucin gadi ko na wani asusu da ke kan layin wayar, sai a sake lissafi a janye abin da ya faɗi. Ko kuma ya aiko da amsa ta gama-gari cewa duk cajin na bisa ƙa'ida ne ba tare da taɓa ko ɗaya daga cikin layukan ba. Irin wannan amsa ita kanta hujja ce da ake haɗawa a kai gaba.

Abin da wannan takarda ba ta yi wa magani

Ba kowace cirewa ce ke jiran wasiƙa ba. Idan alat ya nuna sayayya ko tura kuɗi da mai asusu bai yi ba, wannan alamar sata ce, kuma abin yi nan take shi ne rufe katin da asusun ta manhaja ko lambar gaggawa ta bankin, takarda ta biyo baya. Idan kuma na'urar ATM ko POS ce ta cire kuɗi ba ta biya ba, wa'adinsu daban ne. Tun Yunin 2020 CBN ya ƙayyade awa 24 idan ATM ɗin na bankin mai katin ne, awa 48 idan na wani banki ne, awa 72 a kan POS da cinikin intanet. Haɗa irin waɗannan da koken rarar caji a takarda ɗaya kan jefa su cikin layin kwana 30, don haka ya fi kyau a raba su.

Haka nan takardar ba ta sauya ƙa'ida. Wanda ke ganin naira 50 ta haraji ko naira 6 ta saƙo sun yi yawa, muhawararsa da majalisa ce da CBN, ba da manajan reshe ba. Abin da zai iya yi a asusunsa shi ne ya nemi a dakatar da alat na waya ya koma na imel da na manhaja, bayan ya sa hannu a takardar ɗaukar alhakin abin da ka iya biyo baya, kamar yadda bankuna ke buƙata.

Wani zai ce naira 945.50 ba ta kai kuɗin adaidaita sahu zuwa reshe da dawowa ba. Imel ba ya cin kuɗin mota, kuma kuskuren da ba a gyara ba yana maimaita kansa: idan abin da ya sami matashiyar ya ci gaba haka har shekara, zai kai naira 3,782. Kuskuren na'ura kuma ba kasafai yake tsayawa a asusu ɗaya ba. Koken da ya sami lambar bibiya yana shiga rahoton da banki ke miƙa wa CBN, saɓanin hoton da aka wallafa aka manta da shi bayan kwana biyu.